A Gaban Wanda Ake Tuhuma

Ofishinmu yana saman wani shagon doya da busasshen kifi a kan Stockport Road, a Levenshulme, don haka na tabbata duk takardar da muka taɓa aika wa kotu ta isa can da ɗan ƙamshin kifi. Shari'ar shige da fice da neman mafaka muke yi. Ni dai ba lauya ba ce, mai haɗa fayil ce. Nakan karɓi takardun mutum, in aika a fassara, in jera su, in sa wa kowane shafi lamba, sannan in bi kowa da waya har ya gaji da ni ya kawo abin da nake nema. A Kaltungo aka haife ni, kuma mutanen gidanmu sun shaida tun ina ƙarama ina da naci. Lauyar da nake wa aiki Baturiya ce, doguwa, mai saurin magana. Oga nake ce mata. Ta yi ta hana ni har ta haƙura.

Mutumin da nake son ba da labarinsa ɗan ƙasar Iran ne, daga Shiraz, shekarunsa talatin da 'yan kai. A can gyaran firiji yake yi. An ba shi ɗaki a wani gidan masu neman mafaka a Salford, inda ya zauna da wasu samari 'yan Najeriya, su ne suka koya masa ce mini Anti. Ranar farko da ya shigo, kafin ya zauna sai da ya saurari ƙaramin firijin ofishinmu ya ce injinsa na wahala. Dariya muka yi masa, ba a jima ba kuwa firijin ya mutu.

Labarinsa gajere ne. Ya zama Kirista, yana zuwa addu'a a wani gida a ɓoye, aka kai samame gidan ranar da bai je ba, ya gudu. Mahaifinsa, tsohon direban bas, tun ranar da ya ji ɗansa ya sauya addini bai sake yi masa magana ba. Ko ya kira waya, tsohon ba ya ɗauka. Ƙanwarsa ce kaɗai ke ba shi labarin gida, kuma ita ce ta turo masa hoton hukuncin da kotun juyin juya hali ta yanke masa bayan ya bar ƙasar. Ɗauri aka yanke masa. Da ya tambaye ta yadda ta samu takardar, sai ta ce wani sani ne ya taimaka, kar ya dame ta da tambaya a waya.

Kafin ya zo wurinmu ya riga ya miƙa wa hukuma wannan hukunci tare da fassararsa ta Turanci, wadda wani kamfanin fassara ya yi. Da na karanta ta, gaskiya ta burge ni. Tsaf take, gajerun jimloli, kowace a layinta, ko ɗan firamare zai gane. A tsakiya an rubuta cewa an saurari kariyarsa an yi watsi da ita. A ƙarshe kuma an rubuta cewa an yanke wannan hukunci a gaban wanda ake tuhuma.

Wannan layi na ƙarshe shi ya kayar da shi. Hukuma ta juya ranar da ke kan takardar daga kalandar Iran zuwa tamu, sai ta ga a wannan lokacin an riga an ɗauki zanen yatsunsa a ƙasar Girka da daɗewa. Wasiƙar ƙin amincewa ta ce mutum ba ya tsayawa gaban alƙali a Shiraz alhali yana sansani a Girka, saboda haka ba za a dogara da takardar ba, kuma wanda ya kawo irin wannan takarda ba a yarda da sauran maganarsa. Abin da ya rage masa shi ne ɗaukaka ƙara. In alƙalin nan ma ya ga takardar a matsayin jabu, to hanyar komawa inda ɗaurin ke jiransa ta buɗe.

Oga ta tambaye shi kai tsaye, kamar yadda ta saba.

"Ka je kotun nan?"

"Ban je ba."

"Ka aika wani?"

"Wa zan aika? Ni da ko sallama ban yi da kowa ba."

"Ƙanwarka za ta iya sayo takardar ƙarya don ta taimake ka?"

Ya ce bai sani ba, kuma na ga abin ya yi masa ciwo. Ni ma raina ya ɓaci, domin na riga na yarda da shi, kuma ba na son in yarda da mutum takarda ta ƙaryata ni.

Oga ta ce a sake fassarar, a hannun wanda ya san harshen kotu. Aka ba mu lambar wata dattijuwa a Perry Barr, can Birmingham, wadda ta karanta shari'a a Tehran kafin ta zo nan ta zama mai fassara. Na aika mata hoton. Washegari ta kira ni ta ce abin da na aiko ya dushe a wurin ninki, tana so ta gani a wayar da aka turo shi, kuma tana so ta ga mai wayar. Na ce ai za a iya sake turowa. Ta ce ita ba ta sa hannu a kan abin da ta yi hasashe. Na so in yi gardama, sai na ji muryar irin ta matan da ba a gardama da su, na ce to.

Maigidana ya yi mamaki da na ce masa zan je Birmingham saboda aiki.

"Wai translation ɗin ma sai an hau train? Ba email a garin nasu?"

"Akwai, ita ce ba ta yarda da shi ba."

"To tunda university ɗin 'yarki na wajen, ki kai mata yajin nan. Kullum sai ta yi complain wai abincin flat ɗinsu ba taste."

Haka na shiga jirgin ƙasa da fayil a hannu ɗaya, robar yaji da kilishi a ɗayan, ga ɗan Shiraz a gefena ya sa rigarsa ta zuwa coci. Bai yi magana sosai a hanya ba. Na ba shi kilishi, ya ƙi. Na sake miƙa masa, ya ƙi. Na mayar jaka. Sai na ga idonsa ya bi jakar.

A gidan dattijuwar na gane dalili. Na kira ta Madam, ta kuwa karɓi sunan da hannu biyu. Gajeriya ce, gashinta fari tas, ga tabarau rataye a wuya. Ta kawo shayi a ƙananan kofunan gilashi da faranti cike da dabino da wani alkaki mai ƙamshin fure. Na ce na gode, na ƙoshi, kamar yadda aka tarbiyyantar da ni. Shi ma ya dafa ƙirji ya ce ya ƙoshi. Ta sake tayi, muka sake ƙi. Ta ƙara, shi ya miƙa hannu ya ɗauka, ni na ci gaba da cewa na ƙoshi. Madam ta cire tabarau ta dube ni.

"Ku a ƙasarku sau nawa ake ƙi kafin a ci?"

Na ce ya danganta da gidan, a gidan surukai ma har a tashi. Ta yi dariya har da tari. Ta ce shekarunta da yawa a Ingila tana yi wa Turawa tayi sau ɗaya su cinye faranti, yau ga wadda ta fi ta iya kunya. Na fito da kilishin da na yi niyyar kai wa 'yata na ajiye a tebur, na yi musu tayi yadda ya kamata. Ɗan Shiraz ya kusa cinye rabi.

Sai da aka kwashe kofuna ta karɓi wayar, ta buɗe hoton a babban allon kwamfutarta. Ta ce irin wannan takarda dadname ake ce mata. Ta nuna mini lambar shari'a da reshen kotu da rana a sama, da ɗan taƙaitaccen bayanin yadda shari'ar ta gudana, sannan babban ɓangaren da ake kira ra'ayin kotu. Na dubi wannan ɓangare, rubutu ne cunkus daga dama zuwa hagu, ya cika fiye da rabin shafi.

"Jimla nawa kike gani a nan?" ta tambaye ni.

Na ce a fassarar da muke da ita sun fi goma.

"Ɗaya ce," in ji ta. "Alƙalanmu ba sa ajiye numfashi."

Maimakon ta fara karatu daga sama, sai ta kai yatsa can ƙasa. Ta ce a Farisanci, harshensu na Iran, aikatau a ƙarshe yake zuwa, saboda haka abin da kotu ta aikata yana kan layin ƙarshe na wannan doguwar jimla, kuma ita kullum daga nan take farawa. Ta karanta kalmar, ta ce ma'anarta kotu ta yanke masa hukunci. Sannan ta koma sama ta bi a hankali. Jimlar takan fara da cewa game da tuhumar da ake wa wane ɗan wane. Daga nan sai dalilai su biyo a jere, kowane da gabatarwarsa: la'akari da rahoton jami'an tsaro, la'akari da takardar tuhuma, la'akari da abin da aka samu a gidan. Bayan su sai sassan doka da aka dogara da su, sai hukuncin. Kowane dalili ta zo kansa takan sa masa lamba da fensir a takardar da ta buga. Ta ce duk suna rataye ne a jikin wannan kalma ta ƙarshe, in ka yanyanka su ka mai da kowane jimla mai zaman kanta, dole ka ƙirƙiro musu mai aikatawa, kuma a nan ake yin ɓarna.

Sai ta karanta mana shi da Farisanci, da murya irin ta masu sanarwa. Abin mamaki, na riƙa tsintar kalmomi kamar ina jin wa'azi daga masallacin unguwarmu ta gida. Na ji hukum, na ji shari'a, na ji wani abu kamar wakili. Na ce mata mu ma muna da su. Ta ce maƙwabta ne mu ashe, Larabci ne ya ba mu aro gaba ɗaya, kuma wakilin da na ji, a wurinsu lauya ke nan.

A kan wannan gaɓar fensirinta ya tsaya. Ta ƙara girman hoton daidai wurin ninkin, ta sa tabarau, ta karanta sau biyu. Ta ɗauko tsohuwar fassarar ta nemo inda aka ce an saurari kariyarsa an yi watsi da ita, ta yi tsaki.

"Ba haka alƙali ya ce ba. Cewa ya yi, la'akari da kariya marar tushe da lauyan wanda ake tuhuma ya gabatar a zaman kotu. Mai fassarar nan ya so Bature ya ji daɗin karatu, ya datse jimlar, lauyan ya faɗi ƙasa."

Daga nan ta sauka layin ƙarshe na takardar. Ta ce kowane hukunci a can yakan rufe da bayyana irinsa, ko hozuri ko giyabi. A wannan hozuri aka rubuta, shi ne aka fassara da a gaban wanda ake tuhuma. Giyabi shi ne wanda aka yanke a bayan idon mutum, shi bai zo ba, lauyansa bai zo ba, ba a kuma aiko da kariya a rubuce ba. In ɗaya daga cikin waɗannan ya samu, to hukuncin hozuri ne a doka, ko da mutumin yana bangon duniya. Bambancin yana da amfani, domin mai hukuncin giyabi yana da damar komawa kotun da ta yanke ya nemi a sake dubawa, shi kuwa mai hozuri sai dai ya wuce kotun ɗaukaka ƙara cikin kwana ashirin. Ta nuna mini cewa wannan takarda kotun ɗaukaka ƙara kaɗai ta ambata, ba maganar komawa. Ta ce takardar ba ta saɓa wa kanta ba ko kaɗan, kuma babu inda ta ce shi da ƙafarsa ya tsaya a kotu.

Ni har na fara murna, na ɗauko waya zan kira Oga. Ɗan Shiraz kuwa bai motsa ba.

"Amma ba ni da lauya," ya ce. "Wataƙila kotu ce ta naɗa."

Madam ta girgiza kai. Ta ce lauyan da kotu ta naɗa sunansa daban, taskiri ake ce masa. Wannan an rubuta ta'ayini, wato wanda aka zaɓa aka ɗauka. Wani ne ya je ofishin lauya ya zauna ya ce ga shari'ar da nake so ka tsaya mata. Ta ƙara da cewa ba kowa ke iya ɗaukar wa baligi lauya ba, sai da sa hannunsa, ko sa hannun wanda ya ba wakilci. Ta juya ta yi masa tambaya da Farisanci, sannan ta maimaita mini da Turanci. Tambayarsa ta yi ko ya taɓa zuwa ofishin rajista ya ba wani takardar wakilci, irin wadda mutanensu kan bar wa uba ko wa in za su yi doguwar tafiya, don a riƙa sa hannu a madadinsu.

Ya ce ya taɓa. Shekarun baya, da zai tafi aiki kudu wajen tashar jiragen ruwa, ya ba da cikakken wakilci saboda shago da mota, har da ikon ɗaukar lauya, domin haka ake rubuta su. Ya manta da ita ma.

"Wa ka ba?"

Ya tashi ya fita ƙofar gida da wayarsa. Ta taga muna ganinsa yana kai da kawowa gaban kwandunan shara, yana magana da ƙanwarsa. Madam ta zuba mini wani shayin, wannan karon ban ƙi ba. Da ya dawo idonsa ja wur. Ya ce ba ta faɗi da yawa ba saboda waya ce, ta dai ce Baba ne ya ɗauki lauyan da wakilcin nan, kuma ya sa ta rantse ba za ta gaya masa ba. Lauyan ne ya samo takardar. Ranar zaman ma tsohon ya raka lauyan har ƙofar kotu ya zauna a waje.

Na ce masa sannu da Hausa. Na tuna da iyayenmu na gida, da yadda ake kwantar da mutum asibiti a sallame shi, mu na waje ba mu ji ba sai an zo biki wani ya yi suɓul da baka. Na tausaya masa, na kuma ji daɗi, duka a lokaci ɗaya. 'Yata dai yaji kawai ta samu ran nan, ta leƙa robar ta tambaye ni da Turancinta na Manchester ina kilishin da babanta ya yi mata alkawari.

Fassarar Madam ta iso bayan 'yan kwanaki. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Jimla ɗaya ce doguwa, ta jera dalilan a ƙarƙashin juna, kowane ya fara da kalmomi iri ɗaya, hukuncin yana can ƙasa inda alƙali ya ajiye shi. Kalmar hozuri ta bar ta yadda take, ta sa gajeren bayanin mai fassara a ƙasan shafi, sannan ta haɗa da shaidarta ta cewa fassarar daidai ce, da sunanta da sa hannunta. Oga ta karanta ta ce wannan ita ce mafi munin Turanci da ta taɓa so. Amma ta ce bayanin mai fassara ba zai wadatar ba, aikin Madam ta faɗi abin da takarda ta ce, bayanin yadda dokar Iran take aiki kuwa na masani ne. Muka nemo wani masanin dokar ƙasar ya rubuta rahoto. Muka rubuta sabon bayanin ɗan Shiraz game da wakilcin. Tsohuwar fassarar ma ba mu ɓoye ta ba, na sa ta a fayil kusa da sabuwar don alƙali ya ga inda aka datse. Ƙanwar ta turo hoton takardar wakilcin, ita ma Madam ta fassara. Ba mu nemi komai daga tsohon ba, don kar mu ja masa fitina.

A Manchester aka yi zaman. Ina zaune a baya da fayil a cinya. Wakilin gwamnati ya yi aikinsa, ya matsa masa da tambayoyi a kan imaninsa, sannan ya zo kan takardar.

"Kana so kotu ta yarda mahaifinka ya ɗaukar maka lauya, kai ba ka sani ba?"

"E."

"Me ya sa bai gaya maka ba?"

"Ba ya magana da ni."

Tafintan kotu ya juya amsar zuwa Turanci. Alƙaliyar ta ɗaga kai ta dube shi, ta rubuta wani abu, ta ce a ci gaba. Ba a ba da hukunci ran nan ba, ta ce za a aiko a rubuce.

Makonnin jiran nan na fi shi rashin haƙuri. Ranar da hukuncin ya iso Oga ta fito daga ofishinta tana kaɗa takardar. An karɓi ƙararsa. Alƙaliyar ta ce ta duba takardar tare da sauran shaidu gaba ɗaya, ta gamsu da sabuwar fassarar da rahoton masanin, ta kuma yarda da shi. Na kira shi na ce ya zo. Ya hau tram, jirgin cikin gari, da bas ya iso yana haki, Oga ta karanta masa, na sauka ƙasa na sayo lemo a shagon kifi.

Da na dawo na same shi zaune a kujerata yana kallon wayarsa. Ya ce yana so ya gwada wata lamba, amma ba ya so ya gwada shi kaɗai a ɗaki. Na ce bismillah, na ja wata kujerar na zauna. Ya danna. Ta yi ta ƙara har na fara shirya kalmomin ba shi haƙuri. Sai aka ɗauka.

Muryar tsoho ce, mai kauri, kuma ko daga inda nake na san faɗa ake yi. Ba gaisuwa, ba komai. Ɗan Shiraz ya riƙe wayar da hannu biyu, hawaye na zuba, yana kuma murmushi. Faɗan ya yi tsawo har Oga ta leƙo ta koma. Na kasa daurewa, na matsa na yi masa raɗa.

"Me yake cewa?"

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Wai lauyan bai iya aiki ba. Wai ni ma ba ni da hankali, na bar shago a hannun yaron da bai san bambancin gas da ruwa ba."

"To kai ba za ka ce komai ba?"

"A'a, Anti," ya ce. "In na amsa zai gama."